Lambar Haraji a Birnin Kano: Jinjina da Sauran Aiki

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, aka kuma tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar da manyansu za su fara aiki. Tun kafin ranar ta zo maganar lambar haraji ta cika rumfunan Kurmi da Ƙofar Wambai da Rimi. Wasu suka ce duk wanda ba shi da lamba za a rufe masa asusu, wasu suka ce daga yanzu duk kuɗin da ya shigo wa mutum sai gwamnati ta gutsuri nata kafin ya taɓa. Ni kuwa ina cikin masu ganin cewa waɗanda suka yi shekaru suna gina wannan lamba sun cancanci jinjina, tun daga Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji da ta daɗe tana ɗauke da aikin, har zuwa ma'aikatan Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano da ke zama da ɗan kasuwa suna cike masa takarda. Dalilina shi ne lambar tana maganin wata matsala da Bakano ya fi kowa saninta, kuma idan aka riƙe ta da gaskiya mai biyan haraji ne zai fara cin moriyarta.

Matsalar ita ce ta gane mutum. Haraji ba baƙo ba ne a Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a birnin a 1851 ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa a kan magidanta da kuɗin karofi a kan marina, ya kuma rubuta hakan. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka haɗe kuɗaɗen, aka kafa baitulmali, aka riƙa bin haraji ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. A wancan tsari ba a bukatar lamba, domin mai unguwa ya san kowa. Ya san wanda ya balaga bana, ya san wanda ya tafi fatauci, ya san mai rijiyar rini biyu da mai guda ɗaya. Saninsa shi ne rajista. Amma sanin da ke cikin kan mutum ɗaya yana tafiya ne da halin mutumin. Wanda ake so a sassauta masa, wanda ba a so a ɗora masa, kuma dattawanmu ba su manta da yadda ake tsare magidanci a rana saboda kuɗin haraji ba. Wannan wulaƙanci na cikin abin da NEPU ta yi ta yaƙa tun kafuwarta a 1950, shi ya sa da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talakawa suka yi murnar da har yau ake ba da labarinta.

Harajin da ya rage bayan nan na abin da mutum ya samu ne, ba na kansa ba, kuma a nan wahalar gane mutum ta ninka. Harajin kai yana bukatar a san kana raye kuma a ina kake kwana. Harajin samu yana bukatar a san nawa ka samu a shekara, alhali samun yana zuwa ta ƙofofi da yawa, kowace ƙofa da takardarta, kowace takarda da irin sunan da aka rubuta a kanta.

Duk wanda ya taɓa aikin rajista a Kano ya san abin da suna ke yi. A unguwa ɗaya za a sami mutum goma masu suna Sani Abdullahi, wasu ma sa'annin juna. Mutum ɗaya kuma yana iya zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a takardar gida, Mamman a bakin abokan ciniki. A wuri ɗaya ya sa sunan mahaifi, a wani ya sa na kaka, a wani ya sa na unguwa, ya zama Yakasai ko Koki ko Dala. A kasuwa ma ba a san shi da ko ɗaya ba, sai laƙabi da sunan hajarsa. Ranar haihuwa ba ta raba gardama, domin da yawa cikin manyanmu ba a rubuta tasu ba, aka ba su 1 ga Janairu aka wuce. Adireshi kuwa a cikin ganuwa kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, gidan da ke kallon rijiya. Da irin wannan ba yadda ma'aikaci zai ɗauki takarda daga kamfani, wata daga banki, wata daga ma'aikatar gwamnati, ya rantse cewa na mutum ɗaya ne. Ko dai ya raba mutum ɗaya gida uku, kowane kashi ya ga kamar ƙaramin samu ne, ko ya haɗe mutum biyu ya ɗora wa talaka kuɗin attajiri. Duka biyun zalunci ne, na farko a kan jama'a, na biyu a kan mutum guda.

Aikin lambar haraji ke nan, ba wani abu ba. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, ba ta canzawa ko ya ƙaura daga Mandawari zuwa Hotoro, ko ya bar sayar da atamfa ya koma hatsi, kuma ba a ba wani ita. Ita kanta lambar ba haraji ba ce, ba ta cire ko kwabo daga asusun kowa. Abin da take yi shi ne ta bi kowace takarda da ta shafi samun mutum, ta yadda idan takardun suka isa hukuma na'ura za ta tara su a fayil ɗaya ba tare da ta dubi yadda aka rubuta suna ba.

Takardun kuwa ba daga mai biyan harajin kaɗai suke zuwa ba, kuma sirrin tsarin yana nan. Wanda ya ɗauki ma'aikata yana cire harajinsu daga albashi kowane wata, ya kuma kai jerin sunayensu da abin da ya biya kowa kafin ƙarshen Janairu. Kamfani ko ma'aikatar da ta biya ɗan kwangila ko mai gidan haya tana zaftare wani kaso tun daga tushe ta kai wa hukuma da jerin waɗanda aka zaftare wa. Bankuna suna kai rahoton asusun da hada-hadarsu ta wuce wani adadi da doka ta yanka. Shi kuma mutum yana kai bayanin samunsa na bara kafin 31 ga Maris. Sai a ɗora abin da ya faɗa a kan abin da wasu suka faɗa game da shi. In sun yi daidai, shi ke nan. In akwai giɓi, a kira shi ya yi bayani. Ƙarfin wannan hanya an auna shi a wasu ƙasashe. A Amurka, inda hukumar haraji ta fara amfani da lambar inshorar jama'a a matsayin lambar haraji tun farkon shekarun 1960, ƙiyasinta ya nuna cewa a albashi, wanda mai ba da aiki ke kai rahotonsa ya kuma cire harajinsa, abin da ake ɓoyewa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A samun da ba wanda ke kai rahotonsa sai mai shi, abin da ake ɓoyewa ya kai wajen kashi 55. Mutanen ƙasa ɗaya ne, doka ɗaya, bambancin kawai akwai shaida na biyu ko babu.

Mu ma ba dare ɗaya aka zo nan ba, kuma a kan wannan doguwar tafiya nake jinjina. An daɗe hukumar tarayya tana ba da tata lamba, jihohi suna ba da tasu, har mutum ɗaya ya tara lambobi biyu ko uku da ba su san juna ba. A 2014 bankuna suka kawo BVN mai ɗauke da zanen yatsu. A Yulin 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da sabon tsarin rajistar lambar haraji na ƙasa, wanda ke ɗauko bayanin mutum daga BVN da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Dokar Kuɗi ta 2019, da aka sa wa hannu a Janairun 2020, ta sa bankuna neman lambar ga asusun kasuwanci, a shekarar kuma hukumar rajistar kamfanoni ta fara buga lambar haraji a jikin takardar shaidar kamfani. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta wajabta rajista a kan duk mai samun da haraji ke hawa, sannan aka sanar cewa NIN ce tushen lambar mutum, lambar rajista kuma ita ce tushen ta kamfani. Ghana ta riga mu, tun Afrilun 2021 katin ɗan ƙasarta ya zama lambar haraji, kuma fataken Maraɗi da ke sauke kaya a Kano sun daɗe da sanin NIF a ƙasarsu. Hikimar ɗaura lambar a kan NIN ita ce zanen yatsu ba ya bin yadda aka rubuta suna. Masu suna ɗaya goman nan kowa da yatsunsa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi, don a ga inda lambar ke taimako da inda take tsayawa. A ce ga wani ɗan kasuwa mazaunin Yakasai, yana da shagon robobi a Ƙofar Wambai, bai yi rajistar kamfani ba, da sunansa yake ciniki. Saboda haka harajinsa na jihar Kano ne, ba na tarayya ba. A shekara ya yi cinikin naira miliyan 20 a bakin shago. Ya kuma kai wa wani kamfani bokitai da kujeru na naira miliyan 10 a kan yarjejeniya. Sannan yana da gida da ya ba wani kamfanin haya a kan naira miliyan 1.5.

Ƙa'idar zaftare haraji daga tushe ta 2024, wadda ta kankama a 1 ga Janairu, 2025, ta ce a cire kashi 2 cikin 100 a kan kayan da ɗan kasuwa ya kai, idan ba shi ya ƙera su ba, a kuma cire kashi 10 a kan kuɗin haya. Cinikin bakin shago, na biya ka ɗauka, ba a zaftare masa komai. Ke nan kamfanin farko ya riƙe naira 200,000, na biyu ya riƙe 150,000, jimla 350,000. Mutane da yawa a kasuwa suna ɗaukar wannan kuɗi a matsayin asara, suna cewa kamfani ya ci musu. Ba asara ba ne, kafin alƙalami ne na harajinsa, kuma da sunansa ya kamata a ajiye shi.

Yanzu a lissafa ainihin samunsa. A cinikin miliyan 30, kuɗin sarin kaya ya ci miliyan 26, hayar shago da ladan yara da dako da mota suka ci miliyan 1.5. Riba ta tsaya miliyan 2.5. A haɗa da kuɗin haya miliyan 1.5, samunsa na shekara ya zama naira miliyan 4. A sabuwar doka naira 800,000 ta farko ba haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, wato 330,000. Sauran miliyan 1 ta faɗa matakin kashi 18, wato 180,000. Harajinsa na shekara naira 510,000 ne. Tunda an riga an karɓi 350,000 ta hannun kamfanonin nan biyu, cikon da zai biya 160,000 ne kacal.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: kamfanonin sun rubuta lambarsa daidai a jerin da suka kai. Idan sun rubuta, kuɗin zai faɗa fayil ɗinsa da kansa. Idan suna kawai suka rubuta, ko akawu ya kuskure harafi ɗaya na lambar, kuɗin ya isa hukuma amma ba shi da mai shi, sai a nemi mutumin nan da 510,000 cif, ya zama ya biya 860,000 a kan bashin 510,000. Idan kuma ba shi da lamba sam, ƙa'idar ta ce a ninka abin da ake cirewa a kan kayan da ya kai, 200,000 ta koma 400,000. Akwai ma sauƙi ga mai lamba: ƙaramin kamfani ba sai ya zaftare komai ba idan mai kawo kayan yana da lamba mai inganci kuma cinikin bai wuce naira miliyan 2 a wata ba. Wanda ya guje wa lamba don tsoron haraji, a nan shi ne ya fi kowa biya.

Ta ɗaya ɓangaren, a ce ya kai bayani ya ambaci shago kaɗai ya yi shiru a kan haya da kwangila. A da sai ya wuce, domin takardar haya tana ɗauke da wani rubutun sunansa a wani ofishin. Yanzu takardu biyu masu lambarsa suna jiran sa a fayil, ba sai an aika kowa ya bi shi lungu ba. Wannan adalci ne ga malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda shekara da shekaru ana cire nasu kafin albashi ya iso hannu, alhali masu samun da ya ninka nasu sau ɗari ba a san da su ba.

Daga nan aikin da ya rage yake farawa, kuma mafi nauyinsa a wuyan hukuma yake. Lamba tana nuna cewa kuɗi sun bi ta hannun wane. Ba ta san ko riba ce, ko uwar kuɗi, ko amana ba. A koma kan mutumin Ƙofar Wambai. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma ta waya, don haka kusan duk miliyan 31.5 ɗin nan za ta iya bayyana a asusunsa. Idan ma'aikaci mai gaggawa ya ɗauki abin da ya shiga asusu a matsayin samu ya bi da shi ta matakan doka, zai fito da haraji na naira miliyan 6 da dubu 175, a kan mutumin da duk abin da ya samu a shekarar miliyan 4 ne. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne da za a gyara gobe, karya jari ne, kuma labarin mutum ɗaya da aka yi wa haka ya isa ya mayar da layi guda na kasuwa ga tsabar kuɗi da ɗaurin leda.

Kasuwar Kano ta fi yawancin wurare haɗarin wannan kuskure, saboda yadda kuɗi ke yawo a kan amana. Dillali yana karɓar kuɗin kaya gaba ɗaya a asusunsa, nasa a ciki la'ada ce kawai. Uwar adashe tana tara zubin mutum ashirin, ba nata ba ne. Baƙo daga Damagaram ko Agadas yana turo kuɗi wurin mai masaukinsa ya saya masa kaya kafin ya iso. Ɗa da ke Saudiyya yana aiko wa yayansa kuɗin ginin gida. Attajiri yana ba amininsa zakka ya raba. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake samun mai asusun ne, amma dukansu lambarsa za su bi. Ya zama wajibi hukumar jiha ta ɗauki rahoton banki a matsayin dalilin yin tambaya, ba hujjar yanke hukunci ba, ta kuma karɓi irin shaidar da kasuwa ke da ita da gaske: littafin bashi, rasit ɗin sari, takardar dako, shaidar shugabannin layi. Littafin da aka rubuta da Hausa ko da ajami littafi ne, kuma Kano ba ta rasa ma'aikatan da za su karanta shi.

Akwai wata al'ada tamu da lambar ta mayar da ita haɗari, ita ce aron asusu. Maigida yana sa a tura kuɗin ciniki asusun yaron shago, ko na ƙane, ko na matarsa, wani lokaci don sauƙi, wani lokaci don kada a ga yawan abin da ke shigowa. A idon na'ura, yaron da ake sallama da 'yan dubbai a mako shi ne mai cinikin miliyoyi, shi takarda za ta nema, maigida kuwa fayil ɗinsa fayau. Haka shagon gado da 'yan'uwa biyar ke ci a cikinsa amma komai da sunan babban wa: ribar mutum biyar za ta taru a kan lamba ɗaya ta hau matakin haraji mai tsada, alhali da an rubuta rabon kowa, kowannensu yana da tasa 800,000 da ba a taɓawa. Wannan gyara namu ne, mu 'yan kasuwa da iyalanmu. A ware asusun ciniki daban da na cefane, a rubuta kuɗin amana ranar da suka shigo da sunan mai su, kada kuma maigida ya bar yaronsa ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Ƙungiyoyin kasuwa sun fi kowa ikon faɗin wannan a ji.

Sai kuma iyakar da ba a cika faɗa ba. Alƙaluman Amurka da na kawo suna da fuska ta biyu: inda ba shaida na biyu, lamba ba ta ganin komai. Mai sayar da takalma a Kurmi da ke karɓar tsaba daga masu saye ɗaiɗai ba wanda zai kai rahotonsa. Marinin Ƙofar Mata haka, maƙeri haka, baduku haka. Ga irin waɗannan doka ta tanadi harajin ƙiyasi, kuma ƙiyasi shi ne ƙofar da son rai ke shigowa. Abin da lamba za ta iya yi musu shi ne ta tsare abin da suka biya. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan gwamnati ya shiga ta banki, rasit ya fito da lambar mai biya, ya zauna a fayil ɗinsa, ta yadda wani ba zai zo mako mai zuwa da wata riga da wani tikiti ya sake karɓa ba. Ɗan kasuwar Kano ba ya kuka da yawan haraji kamar yadda yake kuka da yawan masu karɓa. Idan ya ga lambarsa ta kore masa mutum uku daga bakin shago, ba sai an yi masa wa'azin rajista ba.

Shi ma tushen da aka ɗora ginin a kai yana bukatar gyara. Lambar haraji ba za ta fi NIN ɗin da ta fito daga cikinta tsabta ba. Mutane da yawa suna da saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da BVN, kuma gyaran yana cin kuɗi da zirga-zirga. Alamomin matsala a bayyane suke ga mai lura: an zaftare maka amma takardar da hukuma ta aiko ba ta nuna ragin ba, ko ka nemi lambarka ta fito da sunan da ba naka ba, ko ka tarar kana da tsohuwar lamba da sabuwa kowace da nata tarihin. Wanda ya ga haka kada ya zauna. Ya nemi rasit ɗin zaftarewa daga wanda ya biya shi, domin ƙa'idar 2024 ta wajabta a ba shi, kuma da rasit ɗin zai nemi a rage masa ko da wanda ya cire kuɗin bai kai su ba. Idan takardar haraji ta zo da adadin da bai yarda da shi ba, kwana 30 doka ta ba shi ya rubuta ƙorafi, in ya bari suka wuce adadin ya zauna. Mutum nawa ne a Jakara ko Soron Ɗinki suka san da kwana talatin ɗin nan? Kaɗan ne, kuma laifin ba nasu ba ne. Kano tana da gidajen rediyo da ake saurare tun asuba har dare, kuma wannan bayani ya fi cancantar lokacinsu fiye da sanarwar tara, ko da yake tarar ma gaskiya ce: naira 50,000 a watan farko ga wanda rajista ta wajaba a kansa ya ƙi, da 25,000 a kowane wata bayan nan.

A cikin bayanin a tuna da matan cikin gida. Mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinkin hula, mai turaren wuta da ke aika yara talla ko take karɓar kuɗi ta waya, yawancinsu ribarsu ba ta kai 800,000 a shekara ba, harajinsu sifili ne. Wanda kuma ba shi da sana'a ko wani samu, kamar ɗalibi ko tsohuwar da 'ya'ya ke turo wa kuɗin magani, ba ya cikin waɗanda aka wajabta wa lambar. Idan ba a faɗa musu wannan ƙarara ba za su kwashe ɗan abin da ke asusu su mayar ƙarƙashin katifa, a yi asarar shekarun da aka yi ana jawo su banki.

Abu na ƙarshe shi ne sirri. Fayil ɗin da ya haɗa albashin mutum da hayarsa da kwangilarsa da asusunsa kaya ne mai tsada a garin da kowa ya san kowa, inda ma'aikacin da ya buɗe fayil zai iya zama maƙwabci ko suruki ko abokin hamayyar siyasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, dokokin 2025 kuma sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Abin da ya rage shi ne aiki da su a ƙasa: na'ura ta riƙa rubuta sunan duk ma'aikacin da ya buɗe fayil da ranar da ya buɗe, wanda ya fitar da bayanin wani a hukunta shi a sani, kuma mai kuka ya sami inda zai kai shi a nan Kano da harshensa. Sannan kowane mai lamba ya iya ganin fayil ɗinsa yadda hukuma ke ganin sa, a wayarsa ko a takarda idan ya nema: abin da aka ce ya samu, wanda ya faɗa, abin da aka zaftare, da abin da ya rage a kansa, tun kafin watan Maris ya kama.